Tanki ko foraj: abin da mai gidan haya a Yamai zai auna kafin ya fid da kuɗinsa

Saƙon da masu gidajen haya suka saba samu daga Maris zuwa Mayu kusan iri ɗaya ne. Ga wani da ɗan haya ya tura wa mai gidansa a unguwar Lazare: "Salamu alaikum Alhaji, barka da war haka, ya iyali? Don Allah a yi haƙuri, maganar ruwa ce na sake kawowa. Mu na bene mako uku ke nan pampo bai zubo mana ba, na ƙasa ma sai tsakar dare suke samu. Kullum 'yan ga-ruwa muke kira, kuɗin ya soma yi mana nauyi. Muna roƙo a taimaka a sa mana tanki ko a haƙa foraj. Allah Ya ƙara arziki."

Ɗan hayar ya haɗa tanki da foraj a numfashi ɗaya, kamar duk wanda aka samu ya isa. Ba cuta ɗaya suke magani ba. Tanki na gidan da ruwa ke zuwa ne amma ba a lokacin da ake bukata ba. Foraj kuma na gidan da ruwan bai zuwa sam, ko wanda ke zuwa bai kai ya riƙe gidan ba. A cikin saƙon nan kansa akwai rabin amsa, tunda ya ce na ƙasa suna samu da dare.

Ruwan pampon Yamai daga kogin Kwara ake janyo shi, a tace a Gudel da Yantala, sannan a tura cikin gari. Da bazara kowa na jan ruwa a lokaci ɗaya, wuta kuma tana yawan ɗaukewa, sai ƙarfin ruwan ya ragu a cikin bututu. Waɗanda suka fi shan wahala su ne unguwannin da ke kan tudu da na ƙarshen layi, a cikin gida ɗaya kuma na sama. Da dare, idan gari ya kwanta, ƙarfin yakan ɗan dawo. Saboda haka kafin a je kasuwa, a sa mutum ɗaya ya yi gadin pampon tsakar gida na mako guda, ya rubuta ƙarfe nawa ruwa ya zo, ƙarfe nawa ya tafi, kuma minti nawa bido mai lita 25 ke ɗauka kafin ya cika.

Mu ɗauki gidan na Lazare: sashe shida, uku a ƙasa uku a bene, mutum 30 har da yara. In aka ba kowa lita 50 a yini, wanka da girki da wanki da ban ɗaki, gidan na bukatar lita 1,500. A ce bidon ya cika cikin minti biyu da rabi. Lita 10 ke nan a minti, 600 a awa. In ruwan ya tsaya daga ƙarfe 1 na dare zuwa 5 na asuba, lita 2,400 za a iya tarawa. Ruwan ya fi abin da gidan ke bukata, wurin ajiya ne babu. A irin wannan gida haƙa foraj ɓarnar kuɗi ce. Amma da bidon sai ya kwashe minti goma kafin ya cika, ruwan kuma awa biyu kawai yake yi, lita 300 ke nan a dare. Ko tankin lita 5,000 aka girka, iska zai riƙa tarawa.

In lissafi ya nuna tanki, sauran a zaɓi inda za a aje shi, kuma nan ne aka fi tafka kuskure. Mafi arha shi ne a ɗora tanki ɗaya a sama, a haɗa shi kai tsaye da bututun ma'aikatar ruwa. Yana aiki a gidan ƙasa da ruwa ke zuwa da ƙarfi. A gidan bene kuwa, in pampon sama bai zubowa ko da tsakar dare, to ruwan ba zai taɓa hawa tankin da ya fi pampon tsawo ba. Kowane mita 10 na tsawo yana cin ma'aunin ƙarfi guda, abin da masu gyaran pampo ke ce wa bar, ruwan bazara kuma sau da yawa bai da shi. Wasu sukan ce to a liƙa inji a bututun da ya shigo gida ya zuƙo da ƙarfi. Ni ban ba da wannan shawara. Kana janye rabon maƙwabta, kuma in bututun ya zama fanko injin na iya zuƙo ƙazantar ƙasa ta wuraren da ya tsage, ko ya yi ta juyawa babu ruwa har ya ƙone.

Tsarin da ke riƙe gidan bene tanki biyu ne. Babba a ƙasa, wanda ko ruwa mai rauni zai iya shiga, sai ƙaramin inji mai ƙarfin doki ɗaya ko rabi da zai tura zuwa na sama, daga can ruwan ya sauko da kansa ko da wuta ko babu. Ga gidan mutum 30, lita 3,000 a ƙasa ya ba su kwana biyu in an yi daren da ruwa bai zo ba. A sama lita 1,500 ko 2,000 ya isa, injin zai cika shi cikin kamar awa ɗaya. A tuna lita ɗaya kilo ɗaya ce: tankin lita 2,000 tan biyu ne zaune a wuri guda. A kira magini ya nuna inda ginshiƙai suke a ɗora shi a kansu, kada a tsakiyar rufin siminti. Ƙasansa kuma ya zama shimfiɗe sumul, don tankin roba da aka ɗora a kan ƙarafa biyu kawai yakan lotsa ya tsage.

Wajen saye, na roba mai kauri da haske bai ratsa shi ya fi. Wanda rana ke gani ta cikinsa yakan yi gansakuka. Na ƙarfe yana tsatsa, ruwansa da rana kuma ba ya taɓuwa. Na siminti da ake ginawa cikin ƙasa yana ɗaukar ruwa da yawa kuma yana sanyi, sai dai in ya tsage ba a gani da wuri, in kuma masai na kusa abin ya ɓaci. Ko wanne aka saya, a yi masa rumfa da murfi mai rufuwa sosai. Kada a yi rowar ɗan ƙwallon nan da ke tsayar da ruwa in tanki ya cika, don ruwan dare yake zuwa lokacin da babu mai tashi ya rufe.

Foraj fa? Abu na farko, shi ma sai da tanki, domin ba a kunna inji duk lokacin da wani zai yi alwala. Ke nan kuɗin tanki bai taɓa zama asara, ko daga baya an koma haƙa. Na biyu, tanki ka gan shi da idonka kafin ka biya, foraj kuwa sai an haƙa ake sanin abin da aka saya. Ƙarƙashin Yamai yashi da laka ba su da kauri sosai, ƙasa da su dutse ne mai tauri, a Harobanda ma dutsen ya fi kusa da sama. A cikin dutse ruwa yana zama ne a tsage-tsage. Maƙwabcinka na iya dacewa da tsaga mai ruwa, kai ka haƙa a bayan katangarsa ka tashi da ƙura. Shi ya sa kafin a biya ko dala, a rubuta a takarda wa zai ɗauki asara in ramin ya fito busasshe, kuma farashin na kowane mita ne ko na aikin duka. A duba ma ko motar haƙa za ta iya shiga. Gidajen haya da yawa an cike filinsu da ɗakuna, sai an rushe katanga.  Sannan dokar ruwa ta 2010 ta sa haƙa a ƙarƙashin kulawar hukuma, don haka a fara leƙa ofishin ma'aikatar da ke kula da ruwa a ji takardun da ake bukata.

In an samu ruwa, kada a karɓi aiki ranar da aka ga ya yi tsiri sama ana murna. A sa masu haƙa su ja ruwan na awoyi a jere, a ga lita nawa yake bayarwa a awa ba tare da ya yanke ba. Gidan misalinmu ko lita 500 a awa ya wadatar, awa uku kawai a yini. A tabbata sun zuba siminti kewaye da bututun daga sama, don ruwan kwata kada ya bi gefensa ya sauka.

Abin da ya fi damuna da foraj na cikin gari shi ne masai. Galibin gidajen Yamai rami suke amfani da shi, naka da na maƙwabta uku, kuma tazarar mita 30 da ake so tsakanin rijiya da masai da wuya ta samu a fili ɗaya. Ruwan na iya fitowa garau, babu wari, alhali yana ɗauke da ƙwayoyin cuta ko sinadarin nitarat. Hukumar lafiya ta duniya ta sa iyakarsa a miligiram 50 cikin lita, kuma jarirai ne ya fi cutarwa. Tafasawa tana kashe ƙwayoyin cuta amma ba ta fid da nitarat. Sai an kai ruwan ɗakin gwaji. In sakamako bai yi kyau ba, a bar shi ga wanka da wanki, a ci gaba da shan na pampo, kuma kada a haɗa bututun biyu wuri ɗaya.

Sauran maganar da ke ɓata zumunci, wato kuɗin wata. Da tanki ɗaya duk gidan ya koma kan kontar ruwa guda, kuma farashin ruwa hawa-hawa ne: mita kubik 10 na farko a wata su ne masu rahusa, abin da ya haura ya fi tsada. Lita 1,500 a yini mita kubik 45 ne a wata, ke nan mafi yawansa a farashin sama za a biya. A gaya wa 'yan haya wannan tun kafin takarda ta zo. Raba kuɗin bisa yawan mutane ya fi adalci a kan bisa ɗaki, in da hali ma a sa wa kowane sashe ƙaramar kontarsa bayan tanki. Abin da na ga yana ɗorewa shi ne mai gida ya sayi tanki da inji, tunda a gidansa za su zauna ko ɗan haya ya tashi, su kuma 'yan haya su ɗauki kuɗin ruwa da wutar inji da wankin tanki sau biyu a shekara. In wani ɗan haya ne ya ce zai fid da kuɗin a riƙa cirewa daga haya, a rubuta adadin da watannin da za a cire, kowa ya sa hannu gaban shaidu biyu.