Rubuta ASAP ko Faɗin Rana da Ƙarfe: Wanne Ya Fi a Imel?

A ofishinmu a Yamai, inda yawancin takardu da Faransanci suke, wata abokiyar aikina ta aika wa direbanmu da ke Tahoua imel tana neman rasidan mai, ta rufe da ASAP. Shi kuwa bai san gajerar kalmar Turanci ce mai nufin "da zarar ya yiwu" ba. Ko da ya sani ma, yaushe ne "ya yiwu"? Rasidai suka iso bayan kwana 6, an riga an rufe lissafin wata.

Da ta rubuta "Malam, don Allah a turo kafin Alhamis ƙarfe 12, ranar ake rufe lissafi", da ya san iyaka, ya san dalili. Jimlar ta fi tsawo, amma ba ta bar wa kowa hasashe ba. Ni ita nake zaɓa.

ASAP tana da wurinta: tsakanin mutum biyu da suka riga suka tsayar da lokaci, kuma duka suna jin Turanci. A nan ma da manyan baƙaƙe ake rubuta ta, sau ɗaya, kuma ba a aika wa shugaba ita, domin tana fita kamar umarni.