Hoto ya shigo ba magana: wace amsa mai shago zai fara bayarwa?

Duk mai sayar da yadi ta WhatsApp ya san wannan. Kana zaune a shago a Kantin Kwari, waya ta yi ƙara, ka duba ka ga hoton atamfa daga lambar da ba ka sani ba. Ba sallama, ba "nawa ne", ba komai. Amsoshin da 'yan kasuwa ke bayarwa a nan ba su wuce huɗu ko biyar ba, kuma kusan dukkansu na taɓa gwadawa, wasu ma da asara.

Alamar tambaya ita kaɗai, wato "?", ba amsa ba ce, harara ce a rubuce. Yin shiru har sai mai hoton ya yi bayani kuwa ya fi muni, domin yana ganin alamar nan biyu sun koma shuɗi, ya san ka gani ka share shi. Akwai kuma masu saita gaisuwar da WhatsApp Business ke turawa da kanta, mai layi goma har da lambar asusu. Wannan ta yi daidai da tsakar dare, amma ba ta san abin da ke cikin hoton ba.

Wadda ta fi jan mutane ita ce yanke farashi nan take: ka ga atamfa, ka rubuta kuɗin turmi. Tana kama da ƙwarewa, ni ma shekara da shekaru ita nake yi. Matsalar ita ce hoton atamfa guda ɗaya yana iya nufin abu huɗu. Ko dai mai hoton tana son irinta, ko tana son kalar amma wani zane, ko ta riga ta saya wajenka ta zuba da aka wanke ta zo ƙorafi, ko kuma ɗinkin da ke jikin hoton ne ya burge ta, tana neman yadin da zai yi shi. Wata Hajiya ta taɓa turo min hoton shadda ruwan toka, na yi wuf na faɗi kuɗi. Ashe wadda yarona ya aika mata ce, ita kuwa ruwan ƙasa ta ce a kawo. Ta kira ni ta ce, "Alhaji, wato sau biyu zan biya kuskurenku?" Wata uku ba ta sake sayen ko ɗankwali a wajena ba.

Amsar da na tsaya a kanta yanzu gaɓa uku ce, kuma ba ta wuce layi uku. Ka yi sallama, ka faɗi abin da idonka ya gani, sannan ka yi tambaya guda ɗaya wadda ke ɗauke da zaɓi biyu. Misali: "Assalamu alaikum Hajiya. Na ga atamfa mai ruwan goro da zanen ganye kore. Irinta kike nema, ko wadda kika saya ce take da matsala?"

Faɗin abin da ka gani shi ne ƙashin bayan amsar, kuma shi mutane ke tsallakewa. WhatsApp yana matse hoto kafin ya tura, launi kuma yana canzawa da hasken da aka ɗauka a ciki. Ruwan goro a ƙarƙashin farin ƙwan lantarki sai ya koma kamar ruwan lemo, shadda mai maiƙo kuwa in filashi ya doke ta ba ka bambanta ruwan madara da fari. Idan ka ce "ruwan goro" ita kuma ja take nufi, nan take za ta gyara maka, tun kafin a yanka yadi. Yadin da aka yanka ba ya komawa.

Tambayar kuma dole ta zama ɗaya. Na ga masu jero biyar: yadi nawa, wane gari, wace kala, yaushe biki, za ki turo kuɗi yau? Wanda bai rubuta ko kalma ɗaya ba tun farko, ba zai zauna ya amsa biyar ba. Sau da yawa ma rashin rubutun ba raini ba ne; wata ba ta iya boko sosai ba, wata hannunta na cikin girki. Shi ya sa zaɓi biyu ya fi "me kike so?", domin za ta iya cewa "irinta" kawai a wuce wurin. In na ga alamar rubutu na yi wa mutum wuya, sai in faɗi wannan maganar dai da murya, gajeriya, ba wa'azin minti uku ba.

Kafin ka rubuta ma, ɗaga sama ka duba hirarku ta baya. In jiya ka aika mata kaya ta tasha, hoton yau kusan na isowar kaya ne. In kuma akwai Forwarded a saman hoton, ba ita ta ɗauka ba, wani wuri ta gano shi, don haka galibi ba ƙorafi ba ne, nema take yi. Sai amsa ta biyu ce nake neman ƙarin hoto: a ɗauka a waje cikin inuwa, a nuna bakin zanin inda ake buga sunan kamfani da lambar zane, a turo da HD ko a matsayin Document don kada ya dushe. A bakin nan ne ake gane ko Vlisco take nufi ko mai kama da ita, kuma tazarar kuɗin turmi ɗaya, yadi shida, tsakanin su biyun ba kaɗan ba ce.

To amma akwai hoton da wannan ladabin ba ya aiki a kansa yadda yake, shi ne hoton rasit na tura kuɗi. Wannan shi ya ƙona ni. Wani ya yi cinikin turmi takwas da yamma, muka daidaita, sai ga hoton rasit ba magana, sunana daidai, kuɗi daidai, har da Successful da kore. Na rubuta "Na gani, na gode", na ba yaro ya kai tasha. Har yau kuɗin nan ba su shigo ba. Kalmar "na gani" ita ta ba shi abin riƙewa, domin da na kira shi sai ya ce ai da bakina na tabbatar. Gyara hoton rasit ba ya ɗaukar ɗan damfara minti biyar, kuma shirun da ya yi da gangan ne: yana so kai ka faɗi abin da shi bai faɗa ba. Yanzu amsata ita ce, "Na ga hoton rasit. Bari in duba asusuna, in sun shigo zan sanar da kai." Kuma manhajar banki nake buɗewa in ga kuɗin a ciki, ba saƙon tes ba, don shi ma ana ƙirƙirarsa. In ya fara "mota za ta tashi, network ne", sai in ce motar gobe ma tana nan.

Haka nan in abin da aka turo yana kama da hoto amma sunansa ya ƙare da .apk, ba hoto ba ne, manhaja ce. Kada ka taɓa ta, kada yaron shago ya taɓa. Wanda kuma ya turo hoton kaya, ka amsa, sai ya ce an aiko maka da lambobi shida bisa kuskure ka karanto masa, WhatsApp ɗinka yake son ƙwacewa da duk kwastomominka a ciki. Wannan ba ya buƙatar sallama ko zaɓi biyu, Block nake danna masa in koma kan awon yadina.