Yarona ya sayi tsabar wasa da katina: yadda muka ƙare da Google Play

Ina kasuwar Mile 12 a Legas ana sauke kwandunan tumatir, sai alat ya shigo: an cire naira 2,300. Ban ɗauke shi komai ba sai da na duba baya na tarar sau uku aka cire a daren jiya, ga kuma wata 4,500 ta kwana biyar da suka wuce. Da na koma gida Agege na zaunar da ɗana mai shekara takwas, ya ce, "Baba, ai tsabar cikin wasan ce, ba kuɗin gaske ba." Laifina ne, ni na bar katin a wayar.

Rasit na fara nema a Gmail. Kowane saye yana da nasa, da lambar da ta fara da GPA, da sunan wasan da ranar. A nan na gane 4,500 ɗin rajistar mako-mako ce, wadda ta fara da gwajin kyauta. Uwar yaron ta riga ta goge wasan cikin fushi, tana ganin an gama. Goge manhaja ba ya tsayar da cirar kuɗi. Sai da na buɗe Play Store, na taɓa hotona, na shiga Payments & subscriptions, sannan Subscriptions, na danna Cancel subscription.

Neman a dawo da kuɗi kuma a play.google.com na yi shi, cikin jerin abubuwan da aka saya, kowanne daban. Wurin dalili na zaɓi cewa ɗan gida ne ya saya ba da sanina ba. Wani abokina ya ce in ce ɓarayi ne, ban bi ta tasa ba, don wannan hanyar ta wanda baƙo ya shiga asusunsa ce, kuma a wayata aka yi sayen.

Abin da ya raba ni da asara shi ne lokaci. Ƙa'idar Google Play awa 48 ce. Sayen ukun nan suna ciki, washegari aka amince, naira 6,900 ta dawo cikin kwana huɗu. Ta 4,500 ta wuce wa'adi, wannan sai a nemi masu wasan ta imel ɗin da ke shafinsu. Na rubuta musu sau biyu, shiru kake ji.

A ganina tsarin ya yi, muddin mutum yana duba alat ɗinsa. Yanzu na sa a riƙa neman kalmar sirri kafin kowane saye. Yatsa na so sakawa, sai na tuna na yaron ma yana buɗe wayar, kuma duk yatsan da ke buɗe ta zai iya saye. Na cire nasa a daren.