Gargaɗi kan masu sayar da manhajar talabijin ta hanyar waya

Idan aka ɗauke wuta talabijin tana tsakiyar sabunta manhajarta, sau da yawa takan shiga wani hali: ta nuna tambarin kamfani, ta mutu, ta sake tashi, haka har sai an cire ta daga soket. A irin wannan ruɗani ne wasu mazambata suke cin kasuwarsu, kuma yayana ya faɗa hannun ɗaya daga cikinsu.

Mutumin ya ce yana da fayil guda da ke tayar da kowace talabijin, aka tura masa kuɗi, ya aiko. Talabijin ta tashi kuwa, amma hoton a kife, launuka a dagule, rimot kuma ya daina aiki. Da aka koma masa sai ya ce ai bod ɗin, wato babban allon lantarkin da ke cikin talabijin, shi ne ya ƙone, a ƙaro kuɗin sabo. Bod ɗin lafiyarsa ƙalau. Manhajar wani gilashin daban aka ɗura masa.

Babu fayil ɗaya da ya dace da kowace talabijin, domin ana haɗa manhajar ne daidai da lambar bod da irin gilashin da ke jikinsa. Talabijin biyu masu suna ɗaya da faɗi ɗaya suna iya bambanta a ciki, saboda haka duk wanda bai tambayi lambar da ke kan takardar da ke manne a bayan talabijin ba kafin ya faɗi farashi, kuɗinka kawai yake nema.

Kafin a biya kowa, a cire talabijin daga wuta, a zare duk abin da ke ramukan HDMI da USB, a danne maɓallin kunnawa na jikinta kamar daƙiƙa talatin, sannan a mayar. Idan tana da garanti, a tsaya nan a kai ta wurin wakilin kamfanin, domin buɗe bayanta yakan soke shi.

Idan babu garanti, a sauke fayil ɗin daga shafin kamfanin, inda ba a karɓar ko kwabo, a sa shi a filashi da aka goge a tsarin FAT32, a bi umarnin wannan samfurin daidai. A yawancin masu ƙwaƙwalwar MStar sunan fayil ɗin `MstarUpgrade.bin`, kuma ana danne maɓallin jiki ne yayin da ake jona wuta. Kada a fara sai da wutar da aka amince da ita, ta inbata ko ta janareta mai isasshen mai, tunda yankewar wuta ce ta jawo matsalar tun farko.

Idan fayil ɗin daidai ne amma aikin yana tsayawa a wuri ɗaya kowane gwaji, galibi ma'ajiyar eMMC, wadda manhajar ke zaune a cikinta a kan bod, ita ce ta gaji, kuma ƙwararre yana iya canza ta ita kaɗai. Wanda ya dage sai an sauya bod, ya yi gwajin a gabanka, ya kuma miƙo maka tsohon.