Kula mai ruwa ko iyakwandishan: auna iskarka kafin ka biya kuɗi

Kula mai ruwa ba ta da injin sanyi a cikinta. Fanka ce ke jan iska ta cikin jiƙaƙƙen soso, ruwan ya zama tururi ya tafi da zafi, kamar yadda gumi ke sanyaya jiki idan yana bushewa. Ke nan aikinta ya rataya ne a kan ko iskar na da ƙishi. Iskar da ta riga ta ƙoshi da danshi ba ta karɓar ƙari.

Ga rana mai zafin digiri 38, danshi kashi 15 cikin ɗari. Iyakar inda bushewar ruwa za ta iya saukar da wannan iskar shi ne wajen digiri 19. Kula mai kaurin soso kan ci kusan kashi 80 na wannan tazarar, sai ta hura maka iska mai digiri 23. Sanyi na gaske, da wutar da ba ta kai ta iyakwandishan ba ko kusa.

Amma a ranar digiri 32 da danshi kashi 75, iyakar tana wajen 28 ne. Kular nan za ta ba ka 29, kuma iskar ta fito jiƙe sharkaf. Gumi ya ƙi bushewa, zanin gado ya riƙa manne wa jiki, a kwana a tashi fumfuna ta kama bango. Zuba ƙanƙara a tankin ba ya magani, ɗan sanyin minti kaɗan ne.

Kada lambar kashi-cikin-ɗari ta ruɗe ka, domin tana sauyawa da zafi. Iskar da ke nuna kashi 80 da asuba a digiri 20, ita ɗin ce za ta nuna kusan 33 idan rana ta kai ta 35, alhali ruwan cikinta bai ragu ba. Abin dubawa a hasashen yanayi shi ne matakin raɓa, wato sanyin da iska za ta sauka zuwa gare shi kafin ta fara zubar da raɓa. A ranar nan mai zafin digiri 38 yana wajen digiri 7, a mai 32 kuwa 27. Ni dai idan yana yawan haura 20 a watannin zafinku, ba zan ba ka shawarar kula ba. Iyakwandishan ne ya dace, tunda shi yana tatse ruwan iskar. Ruwan nan ne kake gani yana ɗiga ta bayansa.

Akwai gwaji mai sauƙi. Naɗe kan ma'aunin zafi da jiƙaƙƙen ƙyalle, ka kafa masa fanka na 'yan mintuna da tsakar rana. Ya sauka da digiri 10 ko fiye, kula za ta yi maka aiki. Bai wuce 4 ba, fanka zalla ta fi ta.

In ka sayi kular, ajiye ta bakin taga ta ja iskar waje, ka bar wata tagar a buɗe. A rufaffen ɗaki danshin da ta fitar take sake shaƙa, har sanyin ya ɗauke.