Inuwa, allon shago, bishiya ko sauti: wanne za ka dogara da shi kafin ka yarda da bidiyo?

Idan aka turo maka bidiyo da rubutun "yanzu-yanzu a Kano", kana son sanin ko gaskiya ne, shaidu huɗu ne galibi ke gabanka: inuwar abubuwa, allunan shaguna, tsirrai, da sautin da ke tashi a baya. Duka kyauta ne, abin da za ka kashe data ne da lokacinka. Sai dai ba darajarsu ɗaya ba. Ni dai inuwa nake fara nema, kuma awon da nake yi wa kowace shaida guda ne: wahala nawa maƙaryaci zai sha kafin ya gurɓata ta?

Da wannan awon, sauti ne a ƙarshen layi. Gaskiya ne kiran salla yana nuna lokaci, kuma kunnen Bahaushe yana raba Sakkwatanci da Kananci, yana gane mutumin Maraɗi ko Damagaram da zarar ya ce jandarma. Amma yaro mai waya zai cire sautin bidiyo ya ɗora wani kafin shayi ya huce. In ba ka ga leɓen mai magana yana tafiya da muryar ba, ajiye sautin a gefe.

Tsirrai sun fi shi kaɗan. Suna faɗin damina ne ko rani, ba sa wuce nan. Kuka tana zubar da ganye da rani, gawo kuma akasin haka yake yi, da damina yake tsirara, da rani ya yi kore. Wanda bai san halin gawo ba sai ya juya shekarar a kai. Darbejiya kuwa ba ta da amfani a wannan aikin, don kusan kullum kore take, kuma babu garin da babu ita daga Sakkwato har Injamena.

Allon shago shi ne abokin takarar inuwa na gaske, kuma a wajen gano wuri ya fi ta. Lambar wayar da mai shago ya rubuta tana faɗin ƙasa: ta Najeriya lamba 11 ce, ta Gana 10, ta Kamaru 9, ta Nijar 8. Sunayen kamfanoni kuma suna sa iyaka ga shekara. Etisalat ta koma 9mobile a 2017, bankin Skye ya zama Polaris a 2018, Diamond ya narke cikin Access a 2019. Allon gidan mai da ke nuna lita a naira 145 ba zai riga watan Mayun 2016 ba. To amma a lura da inda wannan shaida take da ƙarfi. Ganin 9mobile yana tabbatar da cewa bidiyon bai riga 2017 ba. Ganin Etisalat kuwa bai tabbatar da komai ba, don mai kanti ba ya sake fenti saboda kamfani ya sake suna. Sannan bidiyon da aka yi ta turawa daga waya zuwa waya yakan dushe har rubutu ya ƙi karantuwa, kuma yawancin abubuwan da ake rikici a kansu a ƙauye ko a daji suke faruwa, inda babu allo ko ɗaya.

Inuwa kuwa ko a daji tana nan, kuma lissafinta ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya yi karatun lokutan salla a zaure ya san inuwar zawali, ya san la'asar tana shiga idan inuwar abu ta kai tsayinsa bayan an cire ta zawali, ya kuma san inuwar zawalin nan tana sauyawa daga wata zuwa wata. Wannan ilimin ne dai, sai dai an juya shi: maimakon a san rana a nemi inuwa, ana ganin inuwa a nemi ranar.

Ga yadda abin yake a Kano, wadda ke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya. Wajen 21 ga Disamba, rana da tsakar rana ba ta wuce digiri 55 a sama ba, don haka sanda mai tsayin mita 1 tana ba da inuwa kusan santimita 71, kuma arewa inuwar take kallo. Wannan ita ce mafi gajarta a duk yinin. Wajen 21 ga Maris da 22 ga Satumba inuwar tsakar rana takan dawo kusan santimita 21. Wajen 21 ga Afrilu da 21 ga Agusta rana tana tsayawa a tsakar ka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa. Tsakanin waɗannan ranaku biyu kuwa inuwar tsakar rana kudu take kallo. Lissafin kenan, inda kusurwar rana ke nufin digirin da rana ta ɗaga a sama, tan kuma maɓalli ne a kalkuleta:

```
inuwa = tsayi / tan(kusurwar rana)
```

Yanzu a ce a watan Disamba aka yaɗa bidiyon wani taro, aka ce jiya ne a Kano. A cikinsa akwai falwayar wuta a tsaye, inuwarta a kan kwalta. Ka tsayar da bidiyon, ka ɗauki hoton fuskar waya, ka auna falwayar da inuwarta da tsinke ko da gefen takarda. Ba ka bukatar sanin ainihin tsayin falwayar, rabon ɗaya da ɗaya kawai kake nema. Sai ka tarar inuwar kashi ɗaya ce cikin biyar na tsayin. Magana ta ƙare a nan. A Disamba babu sa'ar da inuwa za ta yi wannan gajarta a Kano, tunda mafi ƙanƙantarta kashi bakwai ne cikin goma. Ko dai ba Kano ba ce, ko kuma an ɗauka ne tsakanin ƙarshen Maris da ƙarshen Satumba. Ka ƙaryata labarin ba tare da ka san titin ba.

In kana son sa'a, sai ka san inda gabas take a hoton. Masallaci na taimakawa, domin alƙibla daga Kano gabas ce mai karkata arewa, wajen digiri 68 daga arewa. Daga nan sai shafin suncalc.org, wanda kyauta ne kuma yana buɗewa a waya. Ka sa alama a wurin da kake zato, ka zaɓi kwanan wata, ka riƙa jan lokaci har tsawon inuwa da inda ta nufa su dace da na bidiyon. Kada ka ɗauka tsakar rana ƙarfe 12 ce daidai. A Kano rana tana kaiwa ƙololuwa ne tsakanin wajen 12:10 a farkon Nuwamba da 12:40 a Fabrairu, a Sakkwato kuma ta ƙara jinkiri don ta fi yamma. Agogon Nijar, Kamaru da Chadi ɗaya ne da na Najeriya, amma Gana tana baya da sa'a guda, Sudan tana gaba da sa'a guda.

Inuwa tana da iyakarta. Ba ta san shekara ba sam, inuwar bana da ta bara ɗaya ce. Kuma kowace inuwa tana dacewa da ranaku biyu a shekara, don rana tana bin hanya ɗaya a tafiya da dawowa. A nan ne tsirrai ke samun ɗan aikinsu: inuwar Afrilu da ta Agusta iri ɗaya ce, amma ƙasa busasshiya a ɗaya, gero ya yi tsayi a ɗayar. Shekara kuma sai allon shago, ko tsofaffin hotunan sama na Google Earth Pro, wanda ya fi daɗin aiki a kwamfuta.

Haka aka yi da bidiyon da ya yaɗu a Yulin 2018, na sojoji suna harbe mata biyu da yara biyu. Gwamnatin Kamaru ta fara cewa labarin ƙarya ne, wasu suka ce a Mali aka ɗauka. Masu bincike na sashen Africa Eye na BBC suka daidaita layin duwatsun da ke bayan hoton da na kusa da garin Zelevet a arewa mai nisa ta Kamaru. Gine-ginen da ke cikin hotunan sama suka taƙaita shekarar, wata hanyar ƙafa da ba ta fitowa sai da rani ta taƙaita watannin, sannan inuwar sojojin ta matse lokacin zuwa tsakanin 20 ga Maris da 5 ga Afrilun 2015. A 2020 kotun soja ta yanke wa huɗu daga cikinsu ɗaurin shekara 10. A lura da jerin: sai da aka san wurin kafin inuwa ta yi wannan aikin.

Yanzu ga inda ake cutar mutane, kuma nan ne na fi jin haushi, don na ga tsohon bidiyo da aka yi wa sabon suna ya hana 'yan kasuwar unguwarmu buɗe shago yini guda. Dabara ta farko ita ce juya hoto kamar a madubi, don kada binciken hoto ya gano asalinsa. Wannan yana mayar da gabas yamma, inuwar hantsi ta koma ta la'asar. Kafin ka auna komai, duba rubutu ko yana karantuwa daidai, ka duba gefen da motoci ke bi, tunda daga Najeriya har Nijar, Gana da Kamaru hannun dama ake tuƙi. Tsawon inuwa dai ba ya sauyawa da juyi, shi ya sa misalin falwayar nan ba ya faɗuwa.

Ta biyu, haɗe-haɗe. Ana ɗinka guntaye uku daga wurare uku, a sa na farkon ya zama na garin da ake so a ambata. Duk inda hoton ya yanke, ka ɗauke shi sabon bidiyo, ka sake awo. In inuwa ta yi tsalle daga gajeriya zuwa doguwa cikin daƙiƙa biyu, ba yini ɗaya ba ne, ko aƙalla ba sa'a ɗaya ba. Ta uku, yanke gefen hoto don a zubar da allo ko lambar mota, da lulluɓe ƙasan hoton da ƙaton rubutu daidai inda inuwa take. Bidiyon da aka matse shi haka, ka nemi cikakkensa ta hanyar sa hoton fuskar waya a Google Lens ko Yandex. Kada kuma ranar da aka ɗora bidiyo ta ruɗe ka, abin da take nunawa kawai shi ne an ɗauka kafin ranar. Masu tallar manhajar kuɗi da wai za ta fito maka da wuri da lokacin kowane bidiyo, riƙe kuɗinka. WhatsApp da Facebook sukan goge irin wannan bayani daga fayil kafin ya iso wayarka.

Akwai kuma cutar da ido ke yi wa mai shi. Inuwar da ta nufo mai ɗaukar hoto ko ta guje shi tana bayyana gajeriya fiye da yadda take, don haka zaɓi wadda ta kwanta a gicciye, daga hagu zuwa dama. Ƙasa mai gangare tana miƙar da ita, katanga tana karya ta, mutum mai tafiya a sunkuye ba ma'auni ba ne. Falwaya, tankin ruwa ko kusurwar gini sun fi. Auna abubuwa biyu ko uku a hoto ɗaya, in rabonsu bai zo kusa da juna ba, awon ne da matsala. Kusa da tsakar rana tsawon inuwa yana sauyawa a hankali, saboda haka kada ka yi alkawarin minti, ka ce tsakanin ƙarfe kaza da kaza. Ranar da hazon hunturu ya rufe sama ko hadari ya haɗu, inuwar ba ta da baki mai kaifi da za a auna, a irin wannan bidiyon sai ka koma wa allon shago da lambar mota.