Babbar Tukunya ko Girkin Cin Take: Wanne Ya Dace Idan Firji Ba Shi da Tabbas?

"Wutar lantarki a wurinmu ba ta tsayawa, firji yakan yi rabin yini a kashe. Shin in ci gaba da dafa babbar tukunya ina ɗumamawa, ko kuwa in koma dafa kaɗan-kaɗan kullum?"

Malama, shawarata ita ce ki koma girkin cin take, kuma ki riƙa zaɓen girki bisa yanayin da abincin zai yi jira a cikinsa, wato ɗanye a bushe, ko dafaffe da danshi.

Babbar tukunya tana da amfaninta, domin tana rage cin makamashi da yawan tsayuwa a madafa, amma duk wannan sauƙin ya rataya ne a kan sanyi mai ɗorewa. Ƙwayoyin cuta suna hayayyafa da sauri tsakanin digiri 5 da digiri 60 a ma'aunin salshiyos, shi ya sa ba a son dafaffen abinci ya wuce awa biyu a waje, ko awa ɗaya idan zafin gari ya haura digiri 32. Firjin da aka ɗauke wa wuta yakan riƙe sanyinsa kimanin awa huɗu, shi ma idan ba a buɗe ƙofarsa ba. Miyar nama mai kauri a tukunya mai zurfi ta fi komai shiga haɗari, saboda gefenta yakan huce alhali tsakiyarta tana nan da ɗumi na sa'o'i.

Inda mutane da yawa suke ruɗuwa shi ne ɗumame. Ana ɗauka cewa tafasa tana gyara komai, amma ba haka abin yake ba. A ɗanyar shinkafa akan sami ƙwayar cutar da ake kira Basilus seriyus, wadda irinta ba ya mutuwa da dahuwa; idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe cikin ɗumi sai ƙwayar ta farfaɗo ta zuba guba, wannan gubar kuwa zafin ɗumame ba ya karya ta. Wanda ya ci yakan fara amai cikin awa ɗaya zuwa shida. Abin da ya fi damuna shi ne irin wannan shinkafar tana iya kasancewa ba wari, ba yauƙi, ba tsami, don haka hanci da harshe ba za su yi miki alƙalanci ba.

Girkin cin take yana juya lissafin. Shinkafa, taliya da wake a bushe suna yin watanni a mazubi mai murfi, albasa da dankali suna yin makonni a inuwa mai iska, kifin gwangwani kuma ba ruwansa da firji har sai an buɗe shi. Farashinsa dai shi ne kunna wuta sau biyu ko uku a rana.

Mu ɗauki gida mai mutum huɗu da ke son shinkafa da miya kwana uku a jere. A tsari na farko an dafa komai ranar Lahadi an saka a firji. Ranar Litinin aka ɗauke wuta da ƙarfe goma na safe, ba ta dawo ba sai shida na yamma. Daga misalin ƙarfe biyu na rana kariya ta ƙare, abincin ya yi kusan awa huɗu yana ɗumama, saboda haka abincin kwana biyu ya zama na zubarwa, ko da firjin ya sake sanyaya shi da dare. A tsari na biyu ana auna kimanin giram 300 na ɗanyar shinkafa a kowane zama, ta nuna cikin minti ashirin, a daidai lokacin da ake soya albasa da tumatir a juye gwangwanin kifi ɗaya ko a fasa ƙwai huɗu. Ɗauke wutar Litinin bai taɓa komai ba. Idan wake ake so, a jiƙa shi da dare don ya rage cin wuta, a dafa iya na ranar.

Saboda haka, duk girkin da aka ce a bar shi ya kwana a firji, ko mai madara da kirim, ko mai niƙaƙƙen nama da za a adana, ki ajiye shi gefe. Ɗanyen nama kuma a sayo iya na ranar, ya wuce tukunya kai tsaye.

Akwai hanya ta tsakiya ga mai fita aiki, wato riƙe abinci da zafinsa maimakon sanyaya shi. Ki ɗauraye kula da tafasasshen ruwa, ki zuba abincin yana tururi, ki rufe. Muddin bai sauko ƙasa da digiri 60 ba yana cikin aminci, ƙaramin ma'aunin zafin abinci ne kuma zai tabbatar miki da hakan. Wannan dabara ta 'yan sa'o'i ce kawai, ba ta kaiwa washegari.